Ragowar Kuɗin Munzali Mai Hatsi

Munzali bai taɓa riƙe jari mai kauri ba. Tun yana saurayi yake bin kasuwannin Zango da Mashi a kan babur, ya ɗauki gero da wake bashi a hannun manoma, ya sayar a Daura, ya mayar musu da kuɗinsu. Amana ce kawai ke riƙe da shi. Da wata makarantar kwana mai zaman kanta ta ba shi aikin kawo hatsi, har sadaka ya yi.

Sau uku ya kai kaya a zangon karatun, na naira miliyan biyu da dubu ɗari bakwai. Da alat ɗin banki ya shigo wayarsa sai ya ga miliyan ɗaya da dubu ɗari tara da ashirin. Ya sake duba lambobin, haka suke. Ragowar ba tasa ba ce, yawancinta na Malam Kalilu ne, wani manomi a Zango da ya ba shi gero, kuma ya riga ya aiko yana son kuɗinsa zai sayi taki kafin ruwa ya sauka.

Munzali ya yi ta sintiri a ofishin basa, mai riƙe kuɗin makarantar. Yau a ce yana taro, gobe a ce ya tafi Katsina. Da ransa ya ɓaci ya rubuta wasiƙa shafi biyu: an cuce shi, iyalinsa na cikin wahala, Allah ya isa. Ba a ba shi amsa ba. Malam Kalilu ya daina gaishe shi a waya. Munzali ya fara tambayar kuɗin da babur ɗinsa zai yi, alhali ya san in ya sayar sana'ar ta ƙare.

A haka ya je gidan yayarsa Rauda, wadda ke aikin lissafi a wani kantin magani. Ta karanta kwafin wasiƙar ta ajiye.

"Munzali, nawa kake binsu? Ban gani a nan ba."

"Yaya, ai sun sani!"

"Wa ya ce maka sun sani? Wanda ya biya ka abin da ke gabansa ya biya. Ka kira shi azzalumi, ba ka nuna masa inda zai duba ba. Ina takardun?"

Ya zazzago su daga leda. Ta haɗa kowace takardar neman biya da takardar kai kayanta, wadda mai kula da sito ya sa wa hannu. Sannan ta sake rubuta wasiƙar, shafi ɗaya. Ta jera kai kaya uku, kowanne da ranarsa da lambar takardarsa: gero buhu ashirin, miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, wake buhu goma, dubu ɗari tara, gero buhu goma, dubu ɗari shida. Ta rubuta jimla, da abin da ya shigo da ranar shigowarsa, da giɓin dubu ɗari bakwai da tamanin. A ƙasa ta roƙi a bayyana waɗanne takardu biyan ya shafa, da abin da aka cire in akwai, a kuma sa rana a zauna a daidaita lissafin ɓangarorin biyu.

"Ina maganar yarana?" in ji shi. "Ina Malam Kalilu?"

"Ba su da lamba a littafin basa. Ka kai kwafi biyu, a buga maka hatimi a ɗaya. Takardun asali su zauna a hannunka."

Ya kai ba don ya yarda ba, sai don ba shi da wata dabara.

A makon da ya biyo aka kira shi. Basa ya sa aka kawo littafin sito, suka bi layi bayan layi. Geron ƙarshe ya shiga sito, amma takardarsa ba ta iso ofishin kuɗi ba. Sauran dubu ɗari da tamanin kuwa, buhun wake biyu ne aka cire saboda ƙwari sun ci, ba wanda ya gaya masa. Aka nuna masa su a lungun sito. Ya zura hannu, gari ya biyo yatsunsa. Bai yi gardama ba.

Basa ya ce dubu ɗari shidan sai ɗalibai sun dawo daga hutu sun biya kuɗin makaranta, amma ya rubuta ya sa hannu cewa makaranta ta amince da bashin.

Da wannan takarda Munzali ya tafi Zango, buhunan waken biyu da aka mayar masa ɗaure a bayan babur. Malam Kalilu ya sa aka karanta masa.

"Taki ba zai jira hutunsu ba," ya ce. "Ka kawo rabi ranar kasuwa, sauran na jira."

Munzali ya ce to, bai san inda zai samo ba. Ya karyar da waken ga wata mai kiwon awaki, Rauda ta ranta masa abin da ya sawwaƙa, ya cika da kuɗin wayarsa da ya sayar. Ranar kasuwa ya kai rabin.