Farashin Na Gida

Tela ake ce mata a layin shagunan, har mijinta ma haka yake kiranta in yana son tsokana. Shekara goma sha huɗu ke nan tana ɗinki, shida a zauren gwaggonta da ta koya mata, takwas a shagon haya mai taku biyar da taku huɗu. Keke biyu ne a ciki, da teburin yanka, da dutsen guga, da benci mai cin mutum uku in babu mai ƙiba. 'Ya'yanta uku, kuma duk abin da ya shiga bakinsu bayan albashin mijin ya ƙare, ta ƙarƙashin allura ya bi.

Aikin tela a shekara sau biyu yake cika: gabanin babban bikin addini, da lokacin komawa makaranta. A makonnin nan ake haɗa kuɗin hayar shago. Sauran watanni kuwa na gida ne ke riƙe mutum, wato masu zuwa ko da rana ko da ruwa, wannan ta kawo rage tsawo, waccan ta kawo canjin zif. To a daidai lokacin cikar ne kuma komai yake tashi. 'Yan sari su ƙara wa zare da maɓalli da yadin shafi kuɗi, wuta ta ɗauke a koma janareto, kuma dole a ɗauko tela na haya da ake biya riga-riga.

Bara Tela ta yi ƙari kai tsaye, ba sanarwa ba ban haƙuri. Na gidanta arba'in da uku ne a lokacin. Goma sha ɗaya suka yi fushi suka sauya tela, wasu ma ko gaisuwa sun daina. Watannin da suka biyo baya ta ji a jikinta, don akwai makon da allura ba ta huda komai ba sai labulen shagonta.

Bana sai biki da komawa makaranta suka zo da kwana tara a tsakaninsu. Tela ta zauna ta yi tunani, ta fito da dabara. Kayan makaranta saiti ɗaya, baƙo dubu uku, na gida dubu biyu yadda suka saba, amma a kunne za ta raɗa musu. Ta san abin da ke cikin dubu biyun nan sarai: tela na haya ya ɗauki dubu da ɗari biyu, zare da maɓalli da zif ɗari huɗu, man janareto ɗari uku. Ɗari ɗaya ke saura. Ta ce ba komai, da ɗarin nan take sayen watanni goma masu zuwa.

Dattijon da ke sayar da takalma a shagon kusa da ita ya ji dabarar ya girgiza kai.

"'Yata, sirrin da mutum talatin da biyu suka sani, ai gara ki ɗauki lasifika."

"Haba Baba, mutanena ne fa. Akwai wadda na ɗinka wa kayan aure, na ɗinka wa na jarirai."

"Ni dai takalmi lamba gare shi, farashi ɗaya gare shi. Wanda ya ji tsada ya tafi da ƙafarsa."

Wadda ta ɗinka wa kayan auren ita ce Maman 'Yan Biyu. Shekara takwas ba ta taɓa kai yadi wani wuri ba. Mace ce mai fara'a da yawan magana, in ta shigo shago sai bencin ya zama nata. Tela tana ce mata Yaya, ita kuma tana ce mata ƙanwata. Ko bara da aka yi ƙari ba ta gudu ba, mita kawai ta yi ta biya.

Saura mako uku a koma makaranta ta zo da yadi niƙi-niƙi, saiti tara, da awo rubuce a bayan takardar kalanda.

"Yaya, tara? Yaushe 'yan biyu suka zama 'yan tara?"

"Ke dai bari, ƙanwata. 'Ya'yan yayata ne, duk a kaina suke bana. Nasu na fara kawowa, na 'yan biyu na nan tafe."

"A kawo su in auna mana. Awon takarda ba ya faɗin gaskiya."

"Suna nesa. Ni na auna da hannuna, ko kin raina ni ne?"

Tela ta karɓa. Saiti bakwai shagon ke iya fitarwa a rana in an dage, don haka taran nan sun ci kwana ɗaya da wani abu. A ranar ta sallami baƙi biyar da suka zo da dubu uku-uku a hannu, tana ba su haƙuri cewa layi ya cika. Bayan mako guda Maman 'Yan Biyu ta kwashi taran, ta ajiye wasu takwas: huɗu na 'yan biyu, huɗu kuma wai na 'ya'yan ƙanin mijinta.

Da hantsin wata Laraba wata mata da Tela ba ta taɓa gani ba ta shigo, tana jan yarinya da rigar makaranta ta shaƙe ta a kafaɗa.

"Ke ce telar? Dubi abin da kika yi wa 'yata. Ko hannu ba ta iya ɗagawa, in malami ya yi tambaya da ƙafa za ta amsa?"

Tela ta juya wuyan rigar. Ɗinkinta ne, ba musu.

"Baiwar Allah, wa ya kawo miki wannan?"

"Maƙwabciyata, mai 'yan biyun nan. Ta ce ta san tela da ke yi mata ragi, dubu biyu da ɗari takwas maimakon uku. Mu shida muka ba ta a layinmu. Da igiyar shanya ta auna yaran."

Tela ta ajiye almakashi a hankali. Ɗari takwas a kan kowane saiti, saiti goma sha uku, dubu goma da ɗari huɗu ke nan, ba allura ba zare ba ciwon baya. Ita da ta sunkuya a kan keke har idonta na ganin dishi-dishi, ɗari-ɗari. Ta auna yarinyar da tef, ta farke kafaɗar ta saki abin da ke ciki, ba ta karɓi ko sisi ba.

Bayan matar ta fita ta sauko da tarin aikin na gida ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Matar mai kemis, da ɗa guda tilo, saiti shida. Malamar da duk 'ya'yanta maza ne, siket huɗu. Mutum biyar ta samu cikin talatin da biyu da suka mayar da ragin sana'a. Ta ja tsaki har tela na haya ya ɗago kai daga keke.

Washegari Maman 'Yan Biyu ta zo duba takwas ɗinta, ta baje a benci tana fifita da gefen mayafi.

"Yaya, jiya 'yar yayarki ta zo. Ashe a layinku take, kuma uwarta ba ta san kun haɗa dangi ba."

Fifitar ta tsaya, amma ba ta daɗe ba.

"Au, wannan mai bakin? To sai me? Kasuwa na kawo miki, ƙanwata. Wata ma godiya za ta yi."

"Kasuwar ɗari? Na kori masu dubu uku saboda ke."

"Ke kika ce dubu biyu, na ƙi biya ne? Abin da na yi da rigar bayan ta fita shagonki ina ruwanki? Ni da nake yawo gida-gida ina karɓo yadi, kuɗin motata fa?"

"Don kunyarki na yi ragin, Yaya. Ashe kunyar ma sayarwa kike yi, ɗari takwas-takwas."

"Lalle. Yarinyar da na sani tana gyaran maɓalli a zaure, yau ita ke yi mini wa'azi. Ba ni kayana. Tela ya ƙare a duniya ne?"

Tela ta naɗe yadin takwas ta miƙa mata. Ta san shekara takwas ce ke fita ta ƙofa, da duk wadda bakin matar zai iya ja. Mai takalma da ya ji komai ta bango ya leƙo.

"Yanzu sai ki yi farashi ɗaya ki huta."

"A'a Baba. Mutum ashirin da bakwai ba su yi mini komai ba."

A ranar ta rubuta da alli a jikin ƙofa, inda kowa zai gani. Na gida yana nan a dubu biyu, amma sai yaron da ya tsaya gabanta ta ɗora masa tef, kuma saiti biyu kowane yaro. Awon takarda dubu uku, ko na wane ne. Daga baɗi kuma, duk wanda ya kawo yadi wata guda kafin cunkoso, baƙo ko na gida, tsohon farashi; wanda ya makara ya biya kuɗin makararsa. Ta kira na gidan ɗaya bayan ɗaya a waya ta faɗa musu abin da zare da mai suka koma, ba ta ambaci sunan kowa ba. Matar mai kemis ta zo ta cika dubu huɗu tana kallon ƙasa. Malamar ta aiko aka karɓar mata yadinta.

Saura kwana uku a buɗe makarantu sai ga Maman 'Yan Biyu, 'yan biyun na biye da ita, yadin takwas na nan yadda ya fita. Duk telan da ta je wajensa dubu uku da ɗari biyar ya ce, shi ma sai bayan mako biyu. Iyayen yara kuwa sun tsare mata ƙofa.

"Ƙanwata, a rufa wa juna asiri. Na riga na karɓi kuɗin mutane."

Tela ta kira yaran ta auna su, kafaɗa, ƙirji, tsawo, ta ware yadinsu huɗu.

"Waɗannan jibi da yamma, dubu biyu-biyu. Sauran huɗun iyayensu su zo da 'ya'yansu, dubu uku."

"Dubu biyu da ɗari takwas na karɓa! In cika daga aljihuna?"

"Ko ki mayar musu, ki faɗa musu dalili."

Maman 'Yan Biyu ta zaɓi cikawa. Ta turo yaran huɗu aka auna su, ta biya ɗari biyu-biyu daga jakarta tana huci, ta kwashi kaya ran da aka ce. Hayar shago ta haɗu bana, har da ragowar da ta sayi sabon dutsen guga. Na gida sun koma ashirin da tara, don Maman 'Yan Biyu ta tafi da ƙawarta guda, ga kuma malamar.

Yanzu cunkoso ya wuce, keke ɗaya ne ke aiki. Wani lokaci Tela takan hango ta tana wucewa ta ɗaya gefen titi da leda a hammata, za ta wajen sabon telanta. Ba ta duban shagon. Tela ma ba ta kira ta, takan dai lashi bakin zare ta zura a allura ta ci gaba da rage tsawon wandon da ke gabanta.