Lambatun Lungunmu a Kasafin Kuɗin Ƙasa

Ɗakin mahaifiyata shi ne na ƙarshe a gidanmu na Madabo, bayansa yana jingine da lungu. Ginin ƙasa ne da rufin azara, a cikinsa ta haife mu mu shida. A gindin bangon akwai tsohon lambatu wanda bakinsa ya zaizaye. Duk damina ruwan unguwa nan yake taruwa ya kwana yana cin tushen ginin. Shi ya sa tun ina yaro, idan bazara ta kusa ƙarewa, mai unguwa yake sa a yi shelar aikin gayya. Kowane gida ya ba da abin da ya sawwaƙa, a fito da shebur da baro, a yashe lambatu, a toshe inda ya fashe.

A shekarar da nake magana mun yi niyyar abin da ya fi yasa. Shekara biyu muna tara kuɗi don a zuba kankare a yi wa lambatun gini na gaske, kuma ni ne sakataren kwamitin. Na yi ritaya ban daɗe ba. Rabin rayuwata na yi shi a Abuja, a sashen kasafin kuɗi na wata ma'aikata, ina kallon ayyukan da aka rubuta a takarda suna tsufa ba a saki ko kwabo ba. Na dawo gida da hawan jini da gajen haƙuri.

Saura mako biyu mu sayi siminti sai ga hadimin ɗan majalisarmu na tarayya ya zo zauren mai unguwa bayan la'asar. Matashi ne mai fara'a, shaddarsa tana ƙyalli, ya zo da takarda guda ɗaya a cikin leda kamar shaidar haihuwa. Shafi ne daga kasafin kuɗin ƙasa, ga sunan unguwarmu, ga aikin magudanar ruwa. Aka riƙa miƙa ta hannu zuwa hannu, har waɗanda ba sa karatun boko sai da suka riƙe ta suka jinjina kai.

"Ranka ya daɗe," in ji shi ga mai unguwa, "Honorabul ya ce ku ajiye shebur ɗinku. Bana ba irin sauran shekaru ba ce. An rage giɓin kasafi, bashin ƙasa ya fara sauka, kuɗin ayyuka za su fito a kan lokaci. In kuka taɓa lambatun nan da hannunku, 'yan adawa za su ce shi ya kasa. Kuma in masu dubawa suka zo suka tarar an yi, sai a soke aikin."

Wannan ta ƙarshe ita ta kama dattawa. A wajenmu, mutum ya ce zai yi maka abu sannan ka riga shi yi, ka kunyata shi ke nan a gaban jama'a.

Na nemi izinin magana. Na ce giɓi daban, bashi daban. Giɓi shi ne abin da gwamnati ta kashe a shekara ɗaya sama da abin da ta samu. Bashi kuwa shi ne tarin duk rancen da aka yi ta ci don cike giɓin shekarun baya, wanda ba a biya ba tukuna. Na ga idanu sun fara lumshewa, sai na juya ga yayana, wanda yake da rumfar yadi a Kasuwar Kurmi.

"Yaya, a ce bara cefanen gidanka ya fi ribarka da dubu ɗari, ka ranto. Bana ka matse, dubu sittin kawai ka ranto. Nawa ake bin ka?"

"Ɗari da sittin mana."

"To ka rage giɓi. Bashin ya sauka?"

Ya ce, "Ni dai ba na cin bashi da ruwa."

"Kai ba ka ci, ƙasarka tana ci. Kuma a nan maganar take."

Hadimin ya yi murmushi ya ce, "Baba, ai ƙasashen da suka fi mu arziki sun fi mu bashi. Ba su rushe ba."

Gaskiya ya faɗa, kuma na ce masa gaskiya ne. Girman bashi shi kaɗai ba ya nuna komai. Abin dubawa abu biyu ne: da wane sauri tattalin arzikin ƙasa yake haɓaka, kuma nawa ne ruwan da ake biya a kan bashin. Idan haɓakar ta fi ruwan sauri, bashin yakan yi sauƙi a kafaɗa ko da ba a biya uwar kuɗin ba, domin mai ɗaukarsa ya ƙara ƙarfi. Idan ruwan ya fi haɓakar sauri, nauyin ƙaruwa yake yi da kansa, sai dai in gwamnati ta tara rarar da za ta tare shi, kuma tara rarar yana nufin ƙarin haraji ko yanke ayyuka. Na ce su duba halin da muke ciki a lokacin. Tsohon rance mai sauƙin ruwa yana cika wa'adi, ana sabunta shi da ruwa mai tsada. Wanda aka ciwo da dala, naira ta faɗi, sai an tara naira fiye da da kafin a biya shi. Masana'antu kuma ba su ƙaru ba, kowa a zauren yana da ɗa mai digiri a zaune.

"In kuɗi suka shigo," na ce, "masu bin bashi ake fara sallama, domin in aka saɓa musu sau ɗaya ba mai sake ba da rance da sauƙi. Sai albashi. Abin da ya rage shi ake raba wa ayyuka. Kuma hanya mafi sauƙi ta rage giɓi ita ce a ƙi sakin kuɗin irin wannan takarda. Na gani da idona, ba sau ɗaya ba. Zai iya yiwuwa a saki namu, ban ce ba zai yiwu ba. Amma damina ba ta jiran Abuja."

Da na tsaya a nan, wataƙila da na ci nasara. Liman ya fara gyaɗa kai. Sai wani dattijo, abokin marigayi mahaifinmu, ya yi dariya ya ce, "Kai dai ka ci kuɗin gwamnati shekara talatin, yanzu ka dawo kana yi mana baƙin ciki da namu rabon."

Raina ya ɓaci, kuma ban riƙe shi ba. Na ce ban taɓa ganin taron manya da takarda ɗaya ta mayar yara ba sai yau. Na ce wanda bai san bambancin giɓi da bashi ba bai kamata ya sa baki a kuɗin jama'a ba. Na faɗi wannan a zauren mai unguwa, ga mutumin da ya halarci raɗin sunana. Yaya ya kama hannun rigata ya ce, "Zauna, ka isa haka." Daga nan ba wanda ya sake tunanin ruwa ko haɓaka. Maganar ta koma ta ɗan boko marar kunya, kuma ba mai son a gan shi a bayan marar kunya.

Aka yanke shawara a dakatar da gayya. Bayan kwana kaɗan hadimin ya dawo ya ce Honorabul zai zo aza harsashi, bai dace a tarbe shi a kan tabarma ba. Aka ɗebi fiye da rabin kuɗin lambatu aka sayi rumfuna biyu da kujerun roba farare, wai ai za su amfani unguwa a biki da suna. Ni na ƙi sa hannu, ma'aji da mai unguwa suka sa. Honorabul ya zo, an yi tafi, an ɗora bulo huɗu da siminti cokali biyu, an kafa allo.

Na yi abin da zan iya. Na ɗauko leburori biyu da kuɗina suka yashe gindin bangonmu, muka jera buhunan yashi. Washegari aka aiko mini cewa ina neman ɓata aikin gwamnati. Ban kula ba, amma lambatun ya toshe tun daga sama har ƙasa, yashe taku goma a tsakiya ba ya kai ruwa ko'ina. Na roƙi Hajiya, mahaifiyata, ta koma ɗakin gaba. Ta ce, "Ɗan nan, a ɗakin nan aka kawo ni, ba inda za ni." Na yi mata bayanin kasafin kuɗi, ita ma, don wauta. Ta saurare ni har ƙarshe sannan ta tambaya ko na ci abinci.

A tsakiyar damina aka yi kwana uku ana ruwa. Rana ta huɗu da hantsi, Hajiya tana tsakar gida tana tsince shinkafa, bangon ya zauna. Azara ta biyo shi, ta danne gadonta da akwatin da ta zo da shi gidan aure. Ba abin da ya same ta a jiki, alhamdu lillahi. Muka kai ta gidan ƙanwata a Gwale, muka ce na mako biyu ne.

Na kira hadimin. Ya yi jaje sosai, ya ce ba laifin Honorabul ba ne, kashi kaɗan na kuɗin ayyuka aka saki a shekarar, biyan bashi ya cinye sauran, amma an mayar da aikinmu cikin kasafin baɗi. Ya faɗa mini wannan a hankali, yana yi mini bayani, kamar ban taɓa jin labarin ba. Na kashe wayar kafin in faɗi abin da zan yi istigfari a kansa.

Har yau ina jin haushi, kuma na kasa raba shi daidai. Ina jin haushin masu tsayawa su ce an rage giɓi da muryar da za ta sa talaka ya ji kamar an biya bashi, alhali sun san bambancin sarai. Ina jin haushin dattawan da suka fi tsoron kunyata ɗan siyasa a kan tsoron ruwa. Mafi yawansa kuma haushin kaina ne. Ni kaɗai a zauren nan na san yadda abin yake tafiya, liman ya riga ya fara saurare, na zaɓi in huce a kan tsoho.

Ba a iya tayar da ɗakin ba sai ƙasa ta bushe, kuma magini ya ce ba amfanin ginawa lambatu yana nan yadda yake. Hajiya ta yi wata biyar a Gwale. Duk zuwan da na yi sai ta ce, "An fara?" Ni kuma in ce an kusa. Ban ce bangon ne ya kashe ta ba, ta manyanta, kwananta ne ya ƙare. Amma a ɗakin baƙi na gidan suruki ta cika, ba a nata ba.

Ranar zaman makoki mutanen unguwa suka yi mana kara. Tun da sassafe matasa suka kafa rumfunan nan biyu a ƙofar gidanmu, suka jera kujerun roba har bakin lambatu. Dattijon nan da na yi wa rashin kunya ya zo da sandarsa, ya riƙe hannuna ya daɗe, ya ja kujera ɗaya ya ce, "Zauna mana, ɗana, tun ɗazu kake tsaye." Na ce masa na gode, Baba. Kwana ukun nan duka a tsaye na karɓi gaisuwa.