Takardar Shaidar da Shugaban Makaranta Ya Rubuta

Shekara bakwai na yi ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Potiskum. A zangona na ƙarshe mahaifiyata ta kwanta ciwon ƙoda. Kullum sai na yi mata wanka, na ba ta kunu, kafin na fito daga unguwarmu ta Hausari. Na yi ta makara. Shugaban makarantar ya san dalili, har gida ya zo dubiya, amma sau biyu yana ba ni takardar gargaɗi. Bayan ta rasu na ajiye aikin.

Da wata ƙungiyar agaji ta nemi malamai a Nangere, na ci jarrabawarsu. Saura shaida daga tsohon wurin aikina. Na ba su lambar shugaban makarantar hankalina kwance.

Mako uku shiru. Da na matsa, matar da ke ɗaukar ma'aikata ta ji tausayina, ta nuna mini abin da ya rubuto: na iya koyarwa, amma na yawaita makara a zangon ƙarshe, an gargaɗe ni sau biyu a rubuce. Bai ambaci jinya ba. Sun riga sun ɗauki wata.

Na tafi wurin wata lauya, ƙawar yayata, ina kuka, na ce ya ɓata mini suna.

Ta ce, "Kin makara ko ba ki makara ba?"

Na ce na makara.

"To, ƙanwata, doka ba ta hana shi faɗin gaskiya ba, ko da za ta cuce ki, balle tambayarsa aka yi. Da ƙarya ya yi miki, kamar ya ce kin yi sata, da mun kai shi kotu."

"Dalilin da ya ɓoye fa?"

Ta ce ana iya kafa hujja cewa shaidar ba ta yi adalci ba, tunda rabin magana na iya ɓatar da mai karatu. Sai dai shari'ar za ta ja lokaci, nasara kuma ba tabbas.

Washegari na same shi a ofis. Na ce, "Malam, kai fa ka zauna a tabarmar Innata."

Ya ce, "Malama, nuna mini ƙarya ɗaya a ciki."

"Kalma ɗaya za ka ƙara. Jinya."

"Ba su tambaye ni dalili ba." Ya ci gaba da duba takardunsa.

Ban kai ƙara ba. Yanzu ina koya wa yaran unguwa lissafi a zauren gidanmu da yamma. Sau biyu aka sake tallata aiki irin wancan, ban nema ba, domin duk inda na je shi za a tambaya. Muna haɗuwa a wurin suna ko ta'aziyya, ya gaishe ni da fara'a, ni ma dole na amsa.