Ɗanasabe Mai Tura Bango

Tafin hannunsa biyu na jikin bango, ƙafar dama a baya, diddige manne da ƙasa, gwiwa a miƙe. Baba Ɗanasabe ya karkato gaba sannu a hankali har ya ji naman sharaɓarsa ya ja, sai ya tsaya a haka yana sauraron kajin da ke hawa makwanci. Da jan ya lafa ya sauya ƙafa. Haka yake yi kullum idan rana ta kusa faɗuwa, ya kuma maimaita kafin ya kwanta.

Wurin da yake dafawa ya yi baƙi, ya yi santsi kamar bakin tsohuwar randa. Ƙasa da shi kaɗan akwai wasu tabo biyu ƙanana da suka fara dushewa. Na Kyauta ne, matarsa. Ita ta fara wannan ɗabi'a sa'ad da take da cikin ɗansu Amadu, jijiyar ƙafa tana ɗaure mata cikin barci. Wata ungozoma ta nuna mata, ita kuma ta ci gaba da yi har bayan ta daina haihuwa. Duk lokacin da ya yaɓe ɗakin, sai ya kewaye wurin nan.

"Har yau bangon bai faɗi ba?"

Dada ce ta leƙo ta kan danga. Taubashiyarsa ce, tsohuwa mai ƙaramin jiki da babbar murya, kuma gidanta kaɗai ya rage da hayaƙi kusa da nasa.

"Ke nake jira ki tsaya bayansa," in ji shi.

"To ka daɗe kana jira. Ga tuwo nan, kada ka ba kare ka ce ka ci."

Unguwar tasu tana gefen Daudawa, cikin ƙasar auduga. A can aka haife shi, a gidan masu bin al'adar kakanni, ya musulunta da furfura a gemunsa. Manomi ne tun tasowarsa: dawa, auduga, da ɗan fegin taba a bayan gida wanda yake cika lofensa da ita. Da kuɗin man fetur suka malalo ƙasa, samari suka bi manyan motoci. Wannan ya tafi aikin hanya, wancan ya tafi dako a Ikko, Amadu ya sami aiki a masaƙa a Kaduna. Gidaje suka fara zama kufai, kabewa na hawa rufin da babu mai gyara shi. A cikin shekarun nan Kyauta ta rasu, aka binne ta kusa da gida, ƙarƙashin ɗorawa.

Amadu ɗa ne mai tunawa. Ya aiko da rediyo, ya aiko da gadon ƙarfe da katifa da bargo mai nauyi. Duk zuwan da ya yi maganarsa ɗaya ce: "Baba, ka taho Kaduna." Amsar ma ɗaya ce. Wa zai share gindin ɗorawa?

Ɗaurewar jijiya kuwa tsohuwar abokiyar zamansa ce. Ya san ranakunta: ranar da ya wuni a tsugune yana tsinkar auduga, ranar da ya yi gumi bai sha ruwa sosai ba, da lokacin da tsufa kawai ya ga dama. Takan zo yana barci, naman sharaɓa ya dunƙule ya yi tauri kamar ɗanyar gwanda, yatsun su nuna ƙasa. Da can ba ya ko magana. Numfashinsa kaɗai Kyauta za ta ji, ta laluba ta kama yatsun ta turo su sama wajen ƙwauri, ta riƙe, tana mita cikin magagi, har naman ya saki. Yanzu rawaninsa yake ajiyewa a gefen gado. Ya rataya shi a tafin ƙafar ya ja da hannu biyu, ko ya sauka ya taka ƙasa da diddige. Ya lura ma bargon Amadu, idan aka cusa gefensa ƙarƙashin katifa, yakan danne yatsu ya kira ciwon, sai ya riƙa barinsa sake.

Amma tun daminar bara wani baƙo ya shigo, ta ƙafar hagu. Idan ya kama hanyar Daudawa, kafin ya kai rijiya sai sharaɓar ta riƙe shi. Ya tsaya kaɗan, ta saki. Ya ci gaba, ta sake kamawa wajen inuwar mai faci. Sai ya mai da tsayuwar gaisuwa. Mutumin da aka sani da gajeruwar magana ya zama mai tambayar lafiyar kowa har da ta jakinsa. Mutane suka ce kaɗaici ne ya buɗe masa baki. Bai musa ba.

Daga baya abin ya biyo shi gado. Wannan karon ba a sharaɓa yake ba, a yatsu yake, zafi kamar an ɗora garwashi, alhali ƙafar sanyi ƙalau. Ya taɓa naman, babu tauri. Ya ja da rawani, bai ji sauƙi ba. Sai idan ya zauna ya sako ƙafar ƙasa tana reto, sannan ya lafa. Ya koma barci a zaune a bakin gadon da aka saya masa don ya miƙe. A ransa ya ce tsohuwar abokiyar ce ta sauya hali, sai ya ƙara tura bango.

Wata safiya Dada ta kawo koko ta same shi ya kara ƙafar dab da murhu.

"Kai, gasa ta za ka yi mu ci? Janye!" Ta ajiye ƙwaryar ta sunkuya. "Wanga miki na ɗan yatsa fa? Ba shi ne na tuntuɓen kaka ba?"

"Yana warkewa."

"Yana warkewa tun ana yankan dawa? Yau zan sa a faɗa wa Amadu."

"Dada, kada ki yi mani haka."

Ta ɗago ta dube shi. Ta san abin da yake gudu. Sai ta ce, "To mu tahi Faskari a duba. In malamin asibiti ya ce ba komai, na rufe bakina."

Suka shiga a-kori-kura ranar kasuwa, shi a gaba, ita a baya kan buhunan masara tana faɗa da yaron mota. A asibitin sha-ka-tafi suka sami Malam Harisu, mutum mai sanyin murya da farar riga da ta ji jiki. Ɗanasabe ya riga kowa magana.

"Jijiya ce, Malam. Mun saba da ita. Ƙwaya kawai za ka ba ni."

"To Baba, ba ni labarinta."

Ya ba shi, har ya tashi ya dafa bangon ɗakin ya nuna yadda yake yi. Malam Harisu ya yi murmushi.

"Wannan daidai ne, ba abin da zan ƙara maka. Irin wadda ke ɗaure nama cikin barci ta saki bayan ɗan lokaci, yawancinta gajiya ce da tsufa da ƙarancin ruwa. Masu ciki ma suna fama da ita. Tana da zafi, amma ba ta cin ƙafa."

Ɗanasabe ya juya ya dubi Dada da idon wanda ya ci shari'a.

"Tambaye shi mi ya sa yake kwana a zaune," in ji ta. "Tambaye shi gaisuwar da yake yi wa jakuna."

Malam Harisu ya daina murmushi. Ya sa shi ya kwanta a kan benci, ya dafa ƙafafun biyu da bayan hannu. Ya ɗora yatsu a kan ƙafar dama, ya sami abin da yake nema. Ya koma ta hagu, ya laluba samanta, ya laluba bayan idon sawu, ya daɗe. Sannan ya ɗaga ta sama, tafin ƙafar ya koɗe kamar toka.

"Baba, kawo hannunka." Ya ɗora yatsun tsohon a ƙafar dama. "Ka ji yana bugawa?"

"Na ji."

"To nan fa?"

Ɗanasabe ya saurara da yatsunsa, kamar mai jiran a amsa sallama a gidan da aka tashi.

"Abu biyu ne ke damunka," in ji Malam Harisu. "Ɗaya ka san ta, ka kuma iya da ita. Ɗayar kuwa hanyar jini ce ta ƙuntata. Shi ya sa tafiya ke riƙe ka, tsayuwa ta sake ka. Shi ya sa in ka sako ƙafar ƙasa kake jin sauƙi, jinin ne ke samun gangara. Mikin ma abin da ya hana shi warkewa ke nan. Bango ba ya maganin wannan. Kada ka ƙara kara ta a wuta, za ta ƙone ba ka ji ba. Taba kuma ita ce babbar mai ƙara toshe hanyar."

"Ƙwayar fa?"

"Zan wanke mikin in ɗaure. Amma nan ba mu da abin da ƙafar nan take bukata. Sai babban asibiti, a gwada jininka da fitsarinka ko akwai sukari, likita ya gani. Kuma ba aikin zuwa ɗaya ba ne. Kana da wani a birni?"

A waje wata babbar mota ta wuce, tagar ta yi rawa.

"In na zauna gida fa?"

"Ba zan ɓoye maka ba, Baba. Yatsan zai iya yin baƙi, daga shi kuma abin ya hau."

Ɗanasabe ya zauna yana kallo ana naɗa farin ƙyalle a yatsan. Ya tuna ɗorawa lokacin da take zubar da fure, da tsintsiyar da ya jingine a gindinta jiya. Da ƙafa ɗaya ma, wa zai kai shi can? Ya tuna damina, da ɗakin da babu mai yaɓe shi, da ruwan da zai bi bango ya wanke abin da ya wanke.

Dada na gefe tana murza bakin zanenta.

Ya zura takalminsa a hankali, ya miƙe, ya gyara hula.

"Dada."

"Ina ji."

"Jar akuyar nan tawa ba ta shan dusa in ta yi ruwa da yawa."

"Na sani."

"Gindin ɗorawa kuma, ko ranar Juma'a kaɗai."

"Na ce na sani, tsoho. Kyauta ni ma 'yar'uwata ce."

"In za a yaɓe ɗakin, akwai wurin da..."

"Za a kewaye shi."

Ya gyaɗa kai. Ya yi wa Malam Harisu godiya, ya tambaye shi ko motar Funtuwa tana ɗaukar saƙon Kaduna, don a gaya wa Amadu ya zo ya tafi da shi, aka ce tana ɗauka. A bakin ƙofa ya dafa bango da hannu ɗaya, ya ɗan tsaya har ƙafar ta yarda, sannan ya ɗaga labule ya fita.