Muryar Goggo Wuta

Goggo Wuta ta tsufa a ɗakin haihuwa. Rabin ungozomomin asibitin ita ta koya musu aiki, da tsawa. Da ƙungiyar horar da ungozomomi ta tashi yin bidiyon farfaɗo da jaririn da aka haifa bai yi kuka ba, wanda za a raba gabas da yamma har ƙetaren iyaka, ita aka zaɓa ta yi bayanin. Ta ɗinka sabuwar atamfa. Ta ce ko ta mutu, muryarta za ta ci gaba da yi wa malalata faɗa.

Mai ɗaukar hoto, ɗan ƙanwarta ne, ya miƙa mata takarda da daidaitacciyar Hausa irin ta labaran rediyo. Ta ture.

"Wannan Hausar marar gishiri? Ni da bakin uwata zan yi magana."

Da bakin garinsu ta yi, zalla, har rubutun ƙasan hoton, wanda aka kwafo daga takardar, ya bi hanyarsa, muryarta ta bi tata.

Aka tara ɗalibai daga yankuna daban-daban domin gwaji, aka nuna musu bidiyon. Goggo ta zauna gaban allon, ta harɗe hannu.

"Kun gane?"

"Mun gane, Goggo!"

Wa zai dubi idon uwarsa ya ce bai gane ba? Shugabar horon ba ta yarda ba. Ta sa Goggo ta koma bayan taga, ta ajiye jaririn roba a kan tebur, ta ce kowacce ta yi abin da ta ji. 'Yan yankin Goggo suka goge jikinsa da tawul, suka murza bayansa, suka gyara kansa, suka ɗora abin hura iska. Sauran suka yi ta kame-kame. Wata doguwa ta tsaya da tawul tana kallon rufi.

Goggo ta banko ƙofa.

"Ke zangarniya! Yana mutuwa kina ƙirga fanka?"

"Goggo, wallahi rabin maganar ta wuce ni. Na bi rubutun, hannunki ya riga ya wuce."

"To uban me ya sa kika ce kin gane?"

Shugabar ta ce ko a sake ɗauka da Hausar da kowa zai ji, ko a nemo wata murya.

Goggo ta zagi ɗaliban, ta zagi ɗan ƙanwarta, ta ce tarbiyyar ƙarya ce kunyar da za ta kashe ɗan mutane. Sannan ta fizgi takardar. Kalmomin Turancin da ya cusa ta sa ya cire, tunda na ƙetare ba da shi suka yi boko ba. Nata na gida ma suka fita. Duk jimla sai doguwar ta maimaita da hannu kafin a ɗauka.

Muryarta ta zauna a bidiyon. Ita dai ba ta taɓa kallonsa ba. In an yaba mata, tsaki take ja ta ce, "Wannan matar ba 'yar garinmu ba ce."