Mai Rula da Makonni Tara

A makarantar firamaren da yake koyarwa babu wanda ke kiransa da sunansa na yanka. Mai Rula ake ce masa, saboda rular katakon da ba ta barin aljihun rigarsa. Shekararsa ashirin da uku yana koyar da lissafi, goma sha huɗu daga ciki a aji shida, ajin da ba a ba wa kowa sai wanda aka yarda da shi. Yana zuwa aiki a kan keke, yana jingine shi a bayan ofishin malamai, kuma kujerarsa ita ce ta kusa da taga, wadda aka tokare ƙafarta da guntun kwali.

Abin da aka san shi da shi shi ne littafinsa na shirin darasi. Kowace rana da shafinta: manufar darasi, abin da yara suka riga suka sani, kayan koyarwa, matakai, sai tambayoyin auna fahimta, kowane kan magana an ja masa layi da jan biro. Shugabannin makaranta uku sun zo sun tafi, kowannensu ya taɓa ɗaga littafin a taron malamai yana cewa a yi koyi.

Abin da ba su duba ba shi ne takardar da ya kamata ta riga littafin. Manhaja tana lissafa abin da za a koyar ne kawai, ba ta cewa wanne zai ci kwana nawa. Aikin malami ne ya zauna kafin a buɗe makaranta, ya ƙirga makonnin da zai samu, ya jera batutuwan yadda ɗaya zai ɗora a kan ɗaya, ya raba musu lokaci. Wannan shi ne tsarin aikin zango, kuma daga cikinsa ake ciro darasin kowace rana. Mai Rula ta baya yake yin nasa. Sai zango ya ƙare yake buɗe littafinsa, ya kwafe abin da ya riga ya koyar, ya sa a fayil. Da yake shi ke fitar da jarrabawar ajinsa, bai taɓa tambayar abin da bai kai ba.

A bana yara suka yi yawa, aka raba aji shida gida biyu. Aka ba shi ɗaya, aka ba wani matashin malami da ake kira Dogo ɗayan, aka ce jarrabawa ɗaya za su yi. Sabuwar mataimakiyar shugaba ce ta kawo wannan tsari, ita kuwa tsohuwar ɗalibarsa ce. Shi ya koya mata lissafin rabawa. Tun makon farko take cewa, "Baba, tsarin zangon fa?" Shi kuma yana cewa, "Yana nan a kaina, 'yata."

Ranar Litinin ta mako na goma, ana hutun ƙarfe goma, Dogo ya ajiye daftarin tambayoyin jarrabawa a gaban Mai Rula.

"Ranka ya daɗe, a duba mana. In akwai inda muka yi shirme a ja mana da jan biron nan."

Mai Rula ya gyara tabarau. Tambaya ashirin ce. Ya ga lamba mai ɗigo, ya ga kashi cikin ɗari, ya ga faɗin fili da awon kusurwa. Tambaya goma sha ɗaya daga cikinsu yaransa ba su taɓa jin labarinsu ba.

"Kai, har ka kai nan?"

"Ai saura kusurwa kawai. Ku kuna ina?"

Wata malamar Turanci da ke gyaran littattafai ta ce, ba ta ko ɗago kai ba, "Suna nan suna yanka lemo. Tun bayan hutun rabin zango nake jin rabi da sulusi ta bango, har ni na iya."

Aka yi dariya. Shi ma ya yi. Gaskiya ta faɗa. Lissafin kaso ne abin da ya fi so a duniya, kuma mako biyar ke nan yana kansa.

Washegari ya je ofishin mataimakiya da tsarin zangon da ya rubuta da yammacin jiya, an ja layi tsaf. Ta miƙe ta ba shi kujera, ta karɓi takardar da hannu biyu. Ta karanta ta daɗe. Makonnin baya sun yi daidai da littafinsa kalma da kalma. Batutuwa huɗun da suka rage kuwa ya cusa su a mako na goma zuwa na goma sha uku, kowanne mako guda.

Ta jawo kalandar makaranta ta juya ta gabansa.

"Baba, mu ƙirga tare. Zango mako goma sha uku ne. Na farko rajista da tuna baya. Na bakwai hutu. Na goma sha biyu bita, na ƙarshe jarrabawa. Saura nawa?"

"Tara," ya ce.

"Ka ci bakwai."

Ya kalli kalandar, ya kalli yatsanta a kai. Haka yake ɗora yatsa a kan allonta tana 'yar shekara goma sha ɗaya.

"Yaushe aka rubuta wannan?" ta tambaya, muryarta ƙasa ƙasa.

Ƙarya tana bakinsa, ya ji ta. Sai ya ce, "Jiya."

"Na bara fa?"

"Duk haka."

Ta sunkuyar da kai kamar ita aka kama. Ta ce ba za ta iya sa hannu a kai ba, kuma ba za ta rage wa ajin Dogo tambayoyi ba. Ta ɗauko farar takarda, suka raba darasi goman da suka rage, ɗaya daga ciki ma ya riga ya wuce. Huɗu ga lamba mai ɗigo, domin sai da ita kashi cikin ɗari ke shiga kai, uku ga kashi cikin ɗarin, biyu ga faɗin fili. Kusurwa ba ta samu wuri ba.

Da ya koma aji ya tsaya ya ce wa yaran akwai abin da zai fito a jarrabawa wanda bai koya musu ba, kuma ba laifinsu ba ne. Yara arba'in da shida suka zuba masa ido. Wata yarinya a layin gaba ta ce, "Malam, to za a dake mu a gida fa." Ya ɗauki alli ya juya ga allo.

Ya yi iya ƙoƙarinsa a kwanakin nan. Da sakamako ya fito, a tambayoyin kaso yaransa sun wuce na Dogo nesa ba kusa ba. A sauran sun zube. Goma sha tara ne suka haye rabin maki, a ajin Dogo talatin da huɗu. Shugaban makaranta bai yi masa faɗa ba. Ya dai ce daga zango mai zuwa Dogo zai riƙe lissafin aji shida duka biyun, shi kuma ya koma aji huɗu.

Ya kwana uku bai gaya wa matarsa ba. Ita ta gane, da ta gan shi da hantsi a tsakar gida, ya baje manhajar aji huɗu a kan tabarma, yana soke makonni a kalanda da fensir.

"Malam, yau kuma ƙirgan kwana ake? Ko ritaya ce ta matso?"

"An sauke ni ne," ya ce, ya gaya mata dalili.

Ta matsar masa da tabarmar inuwa.

Ranar da aka koma makaranta shi ne na farko a ƙofar mataimakiya. Takarda biyu ce, lissafin kaso ya samu mako biyu cif. Ta karanta, ta sa hannu, ta miƙa masa. Ya ce, "Na gode, Malama." Bai taɓa kiranta haka ba. Ya fita da sauri kafin ta amsa.