Falle Biyu da Na Karkata

Shekarar da na gama koyon ɗinki a Kaduna na dawo gidanmu a cikin birnin Zariya, ba na iya zama wuri ɗaya. In na zauna a kan keken ɗinki sai in ji kamar ana kirana a waje, in na fita soro kuma in rasa abin da ya fito da ni. Aiki ba ya zuwa sosai, daga gyaran kayan makaranta sai sa zip. Ni kuwa gani nake na fi ƙarfin wannan, tunda na iya zana riga a takarda kafin in yanka.

Ana cikin haka matar yayana ta zo daga Tukur-Tukur da wani ƙunshi a jaka. Malamar firamare ce, Anti nake ce mata. An ba ta shugabancin makarantarsu, kuma ranar Asabar ta sama za a yi taron iyaye, ita za ta tsaya ta yi jawabi karo na farko. Ta kwance ƙunshin a kan tabarma. Yadi ne mai laushi, ruwan toka da ƙananan furanni, in ka ɗaga shi sai ya zubo ta tsakanin yatsu.

"Mama ce ta kawo min daga aikin Hajji," in ji ta. "Shekara shida yana cikin akwati. Tun da ta rasu na kasa kai wa tela."

Doguwar riga take so, daga ƙugu zuwa ƙasa falle shida, mai ɗan buɗewa. Sannan ta roƙe ni in rage mata abin ɗankwali. Na ce wannan ai ba komai ba ne, tun kafin in sa tef in auna.

Da ta tafi na shimfiɗa yadin na jera takardun yanka. Saman riga ya zauna, hannuwa suka zauna, falle huɗu suka kwanta a miƙe tare da bakin yadin. Saura biyu. In na miƙar da su sai sun ci cikin abin ɗankwali. Na juya su nan, na juya su can, ina ta tsaki. Can na ga in na ɗan karkata su, za su shige wani fili da ya rage a gefe. Furannin ba su da sama ba su da ƙasa, ba mai gane an karkata. An faɗa mana a Kaduna cewa a bi tsayin yadi, amma na ɗauka irin dokokin nan ne na aji. Na sa almakashi.

Kwana biyu na gama rigar. Na goge, na rataye a ƙusa, na yi ta shiga ɗaki ina kallonta. Ranar Talata da safe na ga gefen hagu ya fi na dama sauka. Na ce ko ratayar ce. Na gyara, na ja baya, yana nan. Fallen nan biyu, ɗaya a gaba ta hagu ɗaya a baya ta hagu, sun zarce sauran da kusan yatsa biyu. Na farke kalmasar ƙasa na datse, na sake kalmasawa. Kafin la'asar sun ƙara sauka. Na sake datsewa, wannan karon na zagaye rigar duka don ta daidaita. Da na sa ta a jikina na tsaya gaban madubi, sai na ga ɗinkin gefe ya baro gefe yana lanƙwasowa ta gaban ƙafata, ga wani tattara a jikin ɗinkin kamar an ja zare. Kuma rigar ta ɗage, idon sawuna a waje. Anti ta fi ni tsawo.

Na cire, na mayar, na sake cirewa. Na hura gawayi na yi guga har yadin ya fara sheƙi. Ya kwanta na ɗan lokaci, ina ɗaga shi ya koma yadda yake. Innata ta leƙo ta ce abinci na ya huce, na ce ina zuwa. Ban ci ba.

Washegari na naɗe rigar da ragowar yadin na fita. Ban tsaya jiran Keke Napep ba, na bi ta lunguna da ƙafa zuwa gidan Goggo, yayar mahaifina. Ita ce ta yi wa rabin matan unguwarsu ɗinki shekara da shekaru, a wajen wata mata a Wusasa ta koya tun tana budurwa. Yanzu yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta ga haske da inuwa. Tun dawowata sau ɗaya na je gaishe ta, don a raina ɗinkinta na da ne.

Na same ta a tsakar gida tana tsince wake da lalube. Na durƙusa na gaishe ta, na fara zuba bayani ba ko numfashi.

"Zauna tukuna, ɗiyata. Kin cika min kunne. Miƙo rigar."

Ta juya ta baibai, ta bi falle ɗaya bayan ɗaya tana kamawa da hannu biyu tana ɗan ja daga sama zuwa ƙasa. Huɗu ba su motsa ba. Da ta zo kan na biyar sai ya biyo hannunta kamar roba. Ta nemo na shidan, shi ma haka.

"Wa ya yanka waɗannan?"

"Ni ce, Goggo."

"Yadin ne ya gaza?"

"Ɗankwali nake so in rage mata."

Ta ce in ba ta ragowar. Ta laluba har ta samu bakin yadin, inda saƙar ta ƙare da kanta ba ta zarewa, ta ɗora hannuna a kai.

"Ja shi ta tsawo, tare da bakin nan."

Na ja, bai ba da komai ba.

"Wannan zaren tsaye ne. Shi aka ɗaure tam a kan masaƙa, shi ke ɗaukar nauyin riga. Yanzu ja ta faɗi."

Ya ɗan saki kaɗan.

"Zaren kwance ke nan, shi ke shiga yana fita. To ja daga wannan kusurwa zuwa waccan."

Yadin ya miƙe a hannuna, furannin suka yi tsawo.

"Kin gani? Ta nan ba zaren da ke riƙe da shi, ramukan saƙar ne ke buɗewa. Kin ɗinke mai miƙewa a jikin wanda ba ya miƙewa. Ɗaya na son sauka, ɗaya ya tsaya, dole ɗinki ya murɗe. Kuma ba ki karkata shi sosai ba, rabi da rabi kika yi, shi ya sa yake janyewa gefe guda. Ko shekara za ki yi kina datsewa, ranar da aka wanke sai ya fi haka."

Na ce to yanzu ya zan yi, taron gata ne. Na miƙe, na zauna, na sake miƙewa.

"Ɗankwalin nan za ki yanka," in ji ta. "Amma ba naki ba ne. Ki je ki tambayi mai shi."

Wannan ne abin da na fi gudu. Daga nan na fita ta Ƙofar Doka na hau Keke zuwa makarantarsu Anti. Na jira a bakin ofis har aka tashi tara, ina ta murza bakin mayafina. Da ta fito na faɗa mata komai a tsaye, ban rage ba. Ta karɓi ragowar yadin ta riƙe, ta daɗe tana kallonsa.

"Da kin faɗa min ba zai isa ba, Auta, ai da na haƙura tun farko."

Ta miƙo min yadin.

"Yanka. Amma ko ƙyalle ne ya rage, ki ajiye min."

Na koma gidan Goggo da almakashi da alli, don ta ce a gabanta za a yi. Ta sa na zare zare ɗaya daga faɗin yadin tun daga wannan baki har wancan, layin da ya bari shi ne miƙaƙƙen kwance. Na ja layi a tsakiyar kowace takarda, na auna daga layin zuwa bakin yadi a sama, na auna a ƙasa, sai da awon ya zo ɗaya ta yarda na kafa fil. Na juya ɗaya kai ƙasa, suka shiga su biyu da ƙyar. Sau uku ina ɗaukar almakashi tana cewa in sake aunawa.

Saura tsawon da na datse. Na ce ko in nemo leshi in ƙara.

"Ina fallen da kika ɓata? Su za su biya."

Ta sa na ninke kowanne har zaren tsaye ya hau kan zaren kwance daidai, na yanka ta kan ninkin, na fitar da dogayen ƙyallaye masu faɗin tafin hannu, cikakkiyar karkata wannan karon. Na harhaɗa su suka zama ɗaya.

"Karkata ba laifi ba ce in kin san inda za ki sa ta," in ji Goggo. "A ƙasan riga ba abin da ya kai ta zubowa, tana bin zagaye ba ta tokarewa. Sai dai kar ki ja ta kina ɗinki. Kuma in kin haɗa, rataye ta kwana guda ta gama saukarta kafin ki kalmasa."

Kwana gudan nan ya fi min komai wuya. Ranar Alhamis da azahar na gama haɗawa na rataye. Na share ɗaki, na wanke kwanukan da ba nawa ne wankinsu ba, na je na dawo na sa tef. Innata ta ce in ban bar rigar nan ta huta ba za ta kulle ɗakin. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na auna daga ƙasa da sanda, na daidaita inda ya ɗan sauka, na kalmasa siriri. Yaya ya zo a babur ya karɓa, tare da ƙyallayen da na ƙulle a leda.

Na je taron na zauna a bencin baya cikin iyaye mata. Anti ta fito da farin ɗankwali da farin mayafi. Ban ji rabin jawabinta ba, idona na kan ɗinkin gefe. Yana nan a miƙe daga ƙugu har ƙasa. Da ta hau matakala uku na barandar, ƙasan rigar ya buɗe ya koma ya kwanta a kan takalminta. Wata mata kusa da ni ta tambayi ta gefenta ko ina Malama ta samu wannan yadi.

Da aka tashi Anti ta riƙo hannuna cikin mutane ta ce na kyauta, ta ce in gaida Goggo, sai wasu iyaye suka janye ta. Ban tsaya shan lemo ba. Na wuce cikin birni kai tsaye, na samu Goggo ta idar da sallar azahar tana kan darduma. Kafin in gama gaisuwa ta tare ni.

"Ta yi tafiya a ciki kin gani?"

Na ce ta yi, har matakala ta hau.

"Bai harɗe mata ƙafa ba?"

"Ko kaɗan, Goggo."

Ta gyaɗa kai, ta ce in ɗauko mata butarta a bakin rijiya, in kuma duba ko akuya ta shiga madafa.